Neman Wasiƙar Shaida Daga Shugaban Wurin Sanin Makamar Aiki: Shawarwari Takwas Ga Iyalai

A Gyadi-Gyadi da Tarauni da Hausawa da Darmanawa a birnin Kano, da wuya a sami layin da babu ɗalibin da ya taɓa zuwa aikin sanin makamar aiki. Wani ya yi nasa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Titin Zariya, wani a sakatariyar ƙaramar hukumar Tarauni a Unguwa Uku, wani a shagon gyaran waya a kasuwar Farm Centre, wani kuma a ɗaya daga ƙananan asibitoci da ofisoshin da ke Titin Maiduguri. Mafi yawansu sun je ne ƙarƙashin shirin SIWES, wanda hukumar ITF ta kafa a 1973. Ɗaliban jami'a sukan yi har wata shida, 'yan difloma kuwa wajen wata huɗu.

Bayan shekara ɗaya ko biyu sai a nemi aiki, ko gurbin digiri na biyu, ko tallafin karatu, a ce a kawo wasiƙar shaida daga wanda ya taɓa kula da aikin mutum. A nan ake yin tuntuɓe. Shugaban da ake nema ya ga ɗalibai rukuni bayan rukuni, kuma abin da bai tuna ba ba zai iya rubutawa ba. Saboda haka wasiƙar roƙon shaida aikinta ɗaya ne: ta ajiye wa shugaban gaskiyar abin da yaron ya yi a gabansa, dalla-dalla, yadda zai karanta ya ce, "Ƙwarai, na tuna." Shawarwarin da ke ƙasa duk a kan wannan suke.

1. A fara sanin wace takarda ake nema, domin iri uku ce

Mutane kan haɗa takardu uku su kira su da suna ɗaya, alhali kowacce da aikinta. Ta farko ita ce takardar kammalawa. Ita ba ta wuce layi uku ko huɗu ba: wane ya yi aiki da mu daga ranar kaza zuwa ranar kaza a sashe kaza. Ofishin kula da ma'aikata ne ke bayar da ita, kuma ba ta faɗin ko mutum ya iya aiki.

Ta biyu ita ce wasiƙar shaida, wadda muke magana a kanta. Wanda ya ga aikin da idonsa shi ke rubuta ta, ya faɗi abin da yaron ya yi, yadda ya yi shi, da irin halinsa a wurin aiki.

Ta uku ita ce takardar garanto, wadda bankuna da kamfanoni kan nema daga sabon ma'aikaci. Wanda ya sa hannu a kanta ya tsaya wa mutum ne, kuma a wasu fom ɗin har ya amince da ɗaukar asara idan ma'aikacin ya yi ɓarna. Shi ya sa ake neman hotonsa da katin shaidarsa.

Yawancin shugabannin da ke noƙewa idan an ce "Yallaɓai, a taimaka mini da takarda" tsoron ta ukun suke ji. Don haka a karanta sanarwar wurin da ake nema da kyau, a gane wadda ake so, sannan a faɗa a layin farko na wasiƙar cewa shaidar aiki kawai ake roƙo, ba garanto ba. Wannan jimla ɗaya takan kwantar da hankalin mutum ya karanta sauran.

2. A ɗauki kwafin littafin aiki kafin a miƙa shi makaranta

Kowane ɗalibin SIWES yana da littafin da yake rubuta aikin kowace rana, wanda ake ce wa logbuk. Shugabansa na wurin aiki yana dubawa ya sa hannu duk ƙarshen mako, malamin makaranta ya zo ziyara ya sa nasa, a ƙarshe a kai ofishin ITF a buga hatimi, sannan a miƙa wa sashen SIWES na makaranta tare da rahoton kammalawa. Daga ranar da aka miƙa, sake ganinsa sai an sha wuya.

Wannan littafi shi ne hujjar da ta fi kowace ƙarfi, domin sa hannun shugaban ne da kansa a ƙarƙashin kowane mako. Saboda haka duk gidan da ke da ɗalibi a wurin sanin makamar aiki, uwa ko uba ko babban wa ya tabbatar an kai littafin shagon kwafi kafin a miƙa, ko a ɗauki hoton kowane shafi da waya a tura a imel ɗin ɗalibin. Kada a bar hotunan a cikin waya kawai, waya tana ɓata, tana lalacewa, ana sayarwa. A haɗa da takardar karɓa da ofishin ya bayar a farko, da takardar kammalawa, da kwafin rahoton, a sa a jakar da ake ajiye sakamakon jarrabawa da takardar haihuwa.

A bayan jakar a rubuta cikakken sunan shugaban kamar yadda yake rubuta shi, da muƙaminsa, da sashensa, da lambar waya da imel. Ɗalibai da yawa sukan gama wata shida ba su san sunan mutum ba sai "Oga" ko "Hajiya ta wajen kati". Ba a rubuta wasiƙa da wannan.

Wanda littafinsa ya riga ya tafi ba kwafi, ya koma ga rahotonsa, wanda galibi yana nan a kwamfutar da aka buga shi, ya kuma duba tsofaffin saƙonnin WhatsApp tsakaninsa da mutanen ofis. Ranakun ayyuka da yawa suna nan a ciki.

3. A zaɓi wanda ya ga aikin, ko da ba shi ne babba ba

Iyaye kan ce a je wurin babban darakta, tunda sunansa ya fi nauyi. Amma wanda zai karanta shaidar ba girman muƙami yake nema ba, so yake ya ji daga bakin wanda ya ga yaron yana aiki. Darakta da bai taɓa ganin fuskar ɗalibi ba, abin da zai iya rubutawa bai wuce "yaro ne mai ladabi da ƙwazo" ba, kuma masu tantance takardu sun karanta irin wannan jimla har sun gaji. Shugaban sashe da zai iya cewa "ita ta gyara mana lissafin magunguna, muna amfani da shi har yanzu" ya fi amfani nesa ba kusa ba.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ya kamata a tambaya. A manyan wurare kamar asibitin koyarwa ko ma'aikatar gwamnati, ba kowane ma'aikaci ke da ikon rubutu a takarda mai tambarin ma'aikata ba. A irin wannan hali mai kula da ɗalibi yakan rubuta, shugaban sashe ya sa hannu ko ya buga hatimi. A tambayi sakataren sashen yadda suke yi tun kafin a rubuta wasiƙar, don a san wa za a rubuta wa.

Haka kuma a duba irin mai shaidar da aka ce a kawo. Makarantun digiri na biyu sukan so a sami malamin da ya koyar da ɗalibi a cikin masu shaida, kamfani kuma ya fi son wanda ya kula da shi a wurin aiki. Tallafin Chevening na Birtaniya yana neman masu shaida biyu. Ɗan'uwa na jini kuwa, ko da shi ne mai kamfanin da aka yi aikin, shaidarsa ba ta da nauyi. Idan shagon kawu ne a Farm Centre, a nemi babban mai gyaran da ya koyar da yaron ya rubuta.

4. A tsamo ayyuka uku kacal, kowanne da lokacinsa da adadinsa da amfaninsa

Nan ne zuciyar wasiƙar. Mu ɗauki misali. A ce ɗaliba ce 'yar Gyadi-Gyadi da ta karanta kimiyyar kwamfuta, ta yi wata shida a wani asibiti mai zaman kansa a Tarauni, daga Afrilu zuwa Satumba 2023. Yanzu tana neman aikin kula da bayanai a wata ƙungiyar lafiya. Idan ta buɗe kwafin littafinta za ta ga abubuwa barkatai: ta buga wasiƙu, ta sa tawada a firinta, ta karɓi kati a taga, ta shigar da bayanan marasa lafiya, ta haɗa jadawalin magunguna, ta nuna wa ma'aikata yadda ake amfani da shi.

Rubutun farko da ɗalibai kan yi shi ne: "Na taimaka a sashen ajiye bayanai da na magunguna, kuma na koyi abubuwa da dama." Wannan jimla kowane ɗalibin da ya taɓa zama a ofishin zai iya rubuta ta, don haka ba ta tuna wa kowa komai.

Abin da ya kamata ta yi shi ne ta bi littafin mako-mako da biro, ta ja layi ƙarƙashin aikin da ya cika sharuɗɗa uku: shugaban da kansa ya ba ta shi ko ya duba shi, ana iya ƙirga shi, kuma ya bar wani abu a ofishin bayan tafiyarta. Buga wasiƙu da sa tawada sun faɗi. Uku suka rage. Daga Mayu zuwa Yuli ta shigar da katunan marasa lafiya cikin kwamfuta, kuma idan ta tara adadin da ta riƙa rubutawa duk mako ta sami kusan 1,800. A Agusta ta haɗa jadawali a manhajar Excel wanda ke mayar da layin magani ja idan saura wata uku ya lalace. A makonni biyu na ƙarshe ta koya wa ma'aikata biyu yadda za su ci gaba da shi.

Kowane aiki a rubuta shi a jimla biyu: abin da aka yi da lokacinsa, sai abin da ya haifar. A kuma haɗa shi da abin da shugaban zai iya gani a zuciyarsa, kamar tsohuwar kabad da katunan suke ciki, ko ranar da jadawalin ya nuna kwalin allurai da ya kusa lalacewa aka fito da shi gaba. Mutum yakan manta suna, amma ba ya manta ranar da aka cece shi daga asara.

A zaɓi ukun da suka dace da abin da ake nema. Da gurbin koyarwa take nema, da koya wa ma'aikata biyun nan ne zai hau sama.

5. Kada a ƙara gishiri, kada kuma a tona asirin ofis

Idan mutum huɗu suka yi aiki, a ce mutum huɗu ne, a faɗi ɓangaren da aka riƙe. Ɗalibin da ya rubuta "na kafa tsarin ajiye bayanai na asibiti" alhali shigar da kati ya yi a tsarin da ya tarar, ya jefa shugabansa cikin tsaka mai wuya: ko ya sa hannu a kan abin da ya san ba haka ba ne, ko ya yi shiru ya ƙi amsawa. Yawanci shirun suke zaɓa. Kuma wurin da ake neman aikin suna iya kiran mai shaida a waya. Idan abin da ya faɗa da baki ya saɓa wa abin da ke takarda, an rasa aikin, an kuma rasa mai shaidar. Adadin da ba a tabbatar ba a sa masa "kusan", a rage kada a ƙara. Idan lissafi ya ba da 1,830, "kusan 1,800" ya wadatar.

Ɗaya gefen kuma shi ne sirri. Wanda ya yi aiki a asibiti, ko banki, ko ofishin lauya, bai kamata ya haɗa hoton katin maras lafiya ko takardar abokin ciniki a matsayin hujjar aikinsa ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye bayanan marasa lafiya, ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023. Ko ba doka, shugaban da ya ga ɗalibi ya fita da hoton fayil ɗin mutane a wayarsa ba zai rubuta cewa mai riƙon amana ne ba. A faɗi adadi da irin aikin, a bar sunaye. Idan ana son nuna jadawalin, a share bayanan ciki a nuna tsarinsa kawai.

6. Wasiƙar kada ta wuce shafi ɗaya

A mafi yawan ofisoshi da Turanci ake rubuta irin wannan wasiƙa, amma gininta ɗaya ne a kowane harshe: wane ne kai, me kake roƙo, me ka yi, ina za a kai, yaushe ne wa'adi. Ga yadda ɗalibar misalinmu za ta tsara tata:

*Zuwa ga Shugabar Sashen Ajiye Bayanai,*

*Assalamu alaikum, Hajiya. Da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya iyali.*

*Ni ce Wance, ɗalibar kimiyyar kwamfuta da ta yi SIWES a ƙarƙashinku daga Afrilu zuwa Satumba 2023. Ni ce mai zama a teburin da ke kusa da tagar karɓar kati. Ina neman aikin jami'ar kula da bayanai a wata ƙungiyar lafiya a nan Kano, kuma sun ce in kawo wasiƙar shaida daga wanda ya kula da aikina. Shaidar aiki ce kawai, ba garanto ba.*

*Da yake an kwana biyu, ga ayyuka uku da na yi a hannunku. Na farko, daga Mayu zuwa Yuli na shigar da katuna kusan 1,800 daga tsohuwar kabad zuwa kwamfuta, ni da abokin aikina ɗaya, ni ke shigarwa shi yana tantancewa, ku kuna dubawa duk Juma'a. Na biyu, a Agusta kun tura ni ɗakin magani, na haɗa jadawalin da ke nuna maganin da ya rage wata uku ya lalace. Na uku, kafin in tafi na koya wa ma'aikata biyu yadda ake sabunta shi.*

*Abin da ƙungiyar ta fi so ta ji shi ne ko ina kula da daidaiton bayanai, da ko ana iya ba ni amanar sirrin marasa lafiya. Za a rubuta wasiƙar ne zuwa ga shugaban ɗaukar ma'aikatansu, a takarda mai tambarin asibiti, kuma suna rufe karɓa ranar 30 ga wata. Na haɗo sanarwar aikin, da takardar tarihin karatuna, da kwafin shafukan logbuk da kuka sa wa hannu.*

*Idan aiki ya yi muku yawa, ko kuna ganin wani ya fi dacewa ya rubuta, don Allah ku sanar da ni, babu komai. Na gode da tarbiyyar da na samu a wurinku. Allah Ya saka da alheri.*

*Taku, Wance, da lambar waya da imel.*

Abubuwa biyu a lura da su. Ta faɗi abin da masu ɗaukar aikin ke son ji, don haka Hajiya ba za ta ɓata layi a kan zuwa aiki da wuri ba alhali amana ake tambaya. Sannan ta buɗe mata ƙofar cewa a'a. Wannan ba ladabi kawai ba ne, kariya ce. Shaida mai sanyi daga wanda ya rubuta don kunya ta fi rashin shaida illa, domin mai karatu yana jin sanyin. Gara a ji "a'a" da wuri a nemi wani.

A kula da rubuta suna da laƙabi daidai, Dakta ne, Injiniya ne, Farfesa ne ko Malam. A kuma rubuta sunan ɗalibi kamar yadda yake a takardun makaranta, domin idan wasiƙa ta ce Ummi, satifiket ya ce wani sunan daban, sai an koma gyara.

7. A ba da mako uku, a kai da ƙafa, a tuna sau biyu

Roƙon da ya fi ɓata wa shugabanni rai shi ne na "gobe ake rufewa". A ba mutum aƙalla mako uku, kuma wa'adin da za a faɗa masa ya zama na gaskiya, tare da roƙon a samu kwana uku kafin nan. A yi lissafi da azumi, da hutun Sallah, da lokacin aikin Hajji, da ƙarshen shekara lokacin da ma'aikata ke tafiya hutu. A asibiti kada a tari likita ko shugabar sashe da safe lokacin da layi ya cika. A tambayi sakatare lokacin da suke samun sarari.

A Kano gaisuwa tana gaba da takarda. Wanda yake gari ya fara kira ko ya tura gajeren saƙo ya nemi izinin zuwa, ya je ya gaida mutum, ya miƙa wasiƙar a ambulan, sannan ya tura kwafinta a imel ko WhatsApp don kada takarda ta ɓace a tebur. Ganin fuska yana dawo da abin da suna bai dawo da shi ba. Ɗalibin da kansa zai je. Uba ko miji ko wa na iya rakawa su jira a waje, amma idan babba ya shiga ya yi roƙon a madadin yaro, ko aka bi ta hannun wani mai faɗa a ji, shugaban zai rubuta don kunya, kuma mun ga irin abin da kunya ke haifarwa. Kada a sa kuɗi a ambulan. Shaidar da aka saya ba shaida ba ce, kuma mutumin kirki zai ɗauke ta cin fuska.

Idan mako ya wuce shiru, a tura saƙo ɗaya: gaisuwa, tunatarwa, da ranar rufewa. Idan saura kwana huɗu, a sake ɗaya ko a leƙa ofis. Bayan wannan a koma ga mutum na biyu, wanda ya kamata a ce tun farko an tanade shi.

Yanzu wurare da yawa ba sa karɓar wasiƙa daga hannun mai nema. Ɗalibi zai sa imel ɗin mai shaida a shafin neman, su kuma su tura masa mahaɗi ya cike da kansa. A nan abu uku ke lalata lamari: an sa suna ba a nemi izini ba, an rubuta imel da kuskuren harafi ɗaya, ko saƙon ya faɗa akwatin Spam bai gani ba. A karanta masa adireshin ya tabbatar, a kuma sanar da shi ranar da aka tura don ya duba. Idan yana da imel na ma'aikata a yi amfani da shi, ya fi samun karɓuwa. Kada ɗalibi ya buɗe imel da sunan shugabansa ya cike wa kansa, ko da shugaban ya ce ba shi da lokaci. Wannan jabu ne, kuma idan aka gano ana soke neman gaba ɗaya.

8. Idan aka ce "rubuto in sa hannu", da idan shugaban ya bar wurin

Sau da yawa amsar ita ce, "Je ki rubuto, in duba in sa hannu." Idan wurin da ake nema sun ce mai shaida ne kaɗai zai rubuta, a gaya masa haka cikin ladabi, a ba shi jerin ayyukan a taƙaice don ya gina a kai. Idan babu wannan sharaɗi, a rubuta daftari da gaskiya zalla: ranaku, ayyukan nan uku, da adadinsu. Wurin hali da ɗabi'a a bar shi fili, a ce, "Hajiya, nan ku za ku cike." Ɗalibin da ya yabi kansa da bakin shugabansa yakan wuce gona da iri, kuma salon rubutun yakan zo iri ɗaya da na takardar neman aikinsa, mai tantancewa ya gane hannu ɗaya ne. A tura daftarin a fayil ɗin da za a iya gyarawa.

Kafin a bar ofis da wasiƙar a duba abu biyar: kwanan wata, sunan ɗalibi daidai, watannin da aka yi aikin sun dace da na takardar tarihin karatu, sa hannu da hatimi, da lambar waya ko imel da za a iya samun mai shaidar. Wasiƙar da ba ta da hanyar tuntuɓa ba a iya tabbatar da ita. Idan an ce a kawo ta a rufe, a bar ta a rufe.

Idan kuma shugaban ya yi ritaya ko ya koma wani wuri, shaidarsa tana nan da ƙarfinta. Zai rubuta a farar takarda ko a ta sabon wurin aikinsa, ya bayyana muƙamin da yake riƙe da shi lokacin da ya kula da ɗalibin. Sai a haɗa da takardar kammalawa daga tsohon ofishin, ɗaya ta tabbatar da ranaku, ɗaya ta faɗi ingancin aiki. Haka ake yi idan shagon ko kamfanin ya rufe. Idan Allah Ya yi masa rasuwa, a nemi mataimakinsa ko wanda ya zauna ofis ɗaya da ɗalibin, a nuna masa shafukan da marigayin ya sa wa hannu.

Wannan tsari bai tsaya ga SIWES ba. Ɗan bautar ƙasa da ya gama shekararsa a wata makaranta a Daurawa, da mai harhaɗa magunguna ko likitan da ya yi shekarar horonsa a asibiti, da yaron da ya koyi gyaran waya, duk hanyar ɗaya ce. Bayan an karɓi wasiƙa a koma a yi godiya, kuma a sanar da mai shaidar sakamako, an samu ko ba a samu ba. Duk lokacin da za a sake ba da sunansa a wani wuri a sake neman izini, a kuma tura masa sabuwar sanarwar, domin shaidar da ta dace da aikin asibiti ba lallai ta dace da neman digiri na biyu ba.